Takarda ɗaya, alƙaluma uku: yadda ake auna ribar bon na baitulmali

Tambaya daga Tawa: Malam, ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta ƴan kasuwa. Muna so mu sayi bon na baitulmali guda 20 na kwana 364 ta hannun bankinmu. Sun ce mana ruwan kashi 7 ne cikin ɗari, amma a takardar da suka ba mu an rubuta 7.53, ɗana kuma da ya lissafa ya sami 7.64. Wanne ne gaskiya? Ga shi bankin ya ce idan muka bar kuɗin a ajiya mai wa'adi zai ba mu 7.60. Wanne ya fi mana?

Amsa:

Alhaji, babu wanda ya yi kuskure a cikin su ukun, kuma kuɗin da zai shigo aljihun ƙungiya ɗaya ne ko da wane alƙalami aka kira shi. Abin da ya bambanta shi ne abin da kowa ya raba ribar da shi, da kuma yawan kwanakin da ya ba shekara. Saboda haka mu fara da kuɗin kansa, tunda shi ne ba ya canzawa.

Takardar da kuke son saya ita ce wadda ake rubutawa BAT a sanarwar UMOA-Titres, hukumar da ke Dakar wadda ke shirya gwanjon bashin ƙasashe takwas masu amfani da sefa a yammacin Afirka tare da babban banki BCEAO. Kowace takarda ɗaya sefa miliyan ɗaya ce a fuska. Ba ta biyan ruwa a tsakiyar hanya. Ana cire ruwan tun ranar saye, ka biya ƙasa da miliyan, ranar da wa'adi ya cika baitulmali ta ba ka miliyan cif. Dokar kasuwar ta shekarar 2013 ta ce ana lissafa wannan ruwa a kan kuɗin fuskar takarda, bisa shekara mai kwana 360. Waɗannan ƙa'idoji biyu su ne tushen duk ruɗanin da kuka shiga.

Ga yadda ake fitar da farashi, inda F yake kuɗin fuska, d kason rangwame, wato kashi 7 ɗin da aka faɗa muku, t kuma kwanakin takardar:

```
P = F × (1 − d × t / 360)
P = 1,000,000 × (1 − 0.07 × 364 / 360) = 929,222
```

Wato a kan kowace takarda za ku fitar da sefa 929,222, ku karɓi miliyan ɗaya bayan kwana 364. Tsakanin biyun akwai sefa 70,778, ita ce ribarku. A kan takarda 20, za ku biya kimanin miliyan 18 da jika 584, ribar kuma ta kama miliyan ɗaya da jika 415 da ɗoriya.

Tun daga nan ma akwai abin lura. Kashi 7 na miliyan ɗaya jika 70 ne daidai, amma an cire muku 70,778. Wannan sefa 778 da ta hau ta fito ne daga kwana huɗun da 364 ta ɗara 360. A ƙa'idar lissafin nan shekara ta cika tun a kwana na 360, don haka kwana huɗun da suka rage ana biyan ku su daban, kowace rana sefa 194 da ƴan kai. Mai saye ne ke cin moriyar wannan, baitulmali ce ke biya.

To, me ya sa kashi 7 ba shi ne ribarku ba? Ku da kuke harkar albasa kun fi ni sanin wannan. Wanda ya sayi buhu jika tara da ɗari uku ya sayar jika goma, idan aka tambaye shi nawa ya ci, a kan uwar kuɗin da ya zuba zai auna ɗari bakwai ɗin nan, ba a kan kuɗin da ya sayar ba. Kason rangwame yana yin akasin haka: yana raba riba da kuɗin da za a karɓa a ƙarshe. Miliyan ɗaya ba ta taɓa fita daga asusunku ba, 929,222 ce ta fita. Idan aka raba 70,778 da 929,222 ana samun kashi 7.62 cikin ɗari, kuma wannan ita ce ainihin ƙaruwar kuɗinku cikin kwana 364. Kason rangwame hanya ce ta faɗin farashi a gwanjo. Aikinsa ke nan, kuma yana yin sa da kyau, amma ba a auna shi da ruwan ajiya ko na wata takarda kai tsaye. Kullum yana nuna ƙasa da abin da mai saye ke samu.

Yanzu sai a mayar da 7.62 ɗin nan zuwa na shekara, domin kwana 364 ba shekara ba ce cif. A nan ne bankinku da ɗanku suka rabu.

```
r360 = (F − P) / P × 360 / t = 7.53%
r365 = (F − P) / P × 365 / t = 7.64%
```

Bankin ya ɗauki shekara kwana 360 ce, kamar yadda aka saba a kasuwar kuɗi ta gajeren wa'adi. Tunda takardarku ta wuce wannan shekara da kwana huɗu, sai aka ɗan rage 7.62 ta koma 7.53. Ɗanku ya ɗauki shekarar kalanda mai kwana 365. Tunda takardar ta gaza ta da kwana ɗaya, sai 7.62 ta ɗan ƙaru zuwa 7.64. Wannan na biyun shi ne ake nufi da ribar da ta yi daidai da ta takardar bashi mai dogon zango, saboda irin waɗancan takardu suna biyan ruwansu ne bisa cikakkiyar shekara. Idan kuna son tsallake farashi ku tafi kai tsaye daga kason rangwame, ga gajeruwar hanya:

```
r365 = 365 × d / (360 − d × t)
```

Tazarar da ke tsakanin 7.00 da 7.64 ta rabu gida biyu, kuma yana da kyau mutum ya san girman kowanne. Kusan 0.53 ya zo ne daga sauya abin da ake rabawa da shi, daga kuɗin fuska zuwa kuɗin da aka biya. Sauran, wajen 0.10, shi ne na kwana biyar ɗin da ke tsakanin 360 da 365. Na farkon yana girma idan wa'adi ya yi tsawo ko ruwa ya yi sama. Na biyun kusan a tsaye yake: kowane kaso da aka faɗa a kan kwana 360, ka ninka shi da 365 ka raba da 360, ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 72 na kansa.

Mu zo ga tayin ajiya mai wa'adi, domin nan ne maganar kwanaki take juya amsa gaba ɗaya. Ruwan ajiya ana lissafa shi a kan kuɗin da ka ajiye, a biya ka a ƙarshe, saboda haka matsalar farko ba ta shafe shi ba. Amma 7.60 ɗin da aka faɗa muku bai cika magana ba sai an ce a kan kwana nawa. Mu ɗauka kun ajiye daidai abin da za ku biya wa takarda ɗaya, sefa 929,222, tsawon kwana 364.

Idan yarjejeniyar ta ce shekara kwana 360 ce, ruwan zai zama 929,222 sau 0.076 sau 364 a raba da 360, wato sefa 71,406. Ya ɗara ribar bon da sefa 628.

Idan ta ce kwana 365 ce, ruwan zai zama sefa 70,427. Bon ya ɗara shi da sefa 351.

Kaso ɗaya, kuɗi ɗaya, kwanaki ɗaya, amma layi guda a cikin yarjejeniya ya sa mai nasara ya canza. Kuna iya ganin haka ba tare da kun taɓa sefa ba ma: 7.60 na kwana 360 ana auna shi da 7.53, ya fi shi. 7.60 na kwana 365 ana auna shi da 7.64, bai kai shi ba. Kuskuren da na fi gani a wurin ma'ajin ƙungiyoyi da ma wasu masu riƙe littafin kuɗi na kamfanoni shi ne su ɗauki alƙalami daga wannan ma'auni su ɗora kusa da na wancan. Wani ya ga 7.00 da 7.60 ya ce ajiya ta yi wa bon nisa, wani ya ga 7.64 da 7.60 ya ce bon ya fi, alhali babu wanda ya tambayi ma'aunin 7.60 ɗin. Don haka kafin ku yanke, ku nemi a nuna muku wurin da yarjejeniyar ajiyar ta faɗi tushen kwanaki. Idan ma'aikacin bankin ya yi jinkirin amsa, ku ce ya rubuta muku adadin sefar da za ku karɓa ranar ƙarshe. Daga wannan adadin za ku gano da kanku: ku gwada 360, ku gwada 365, ɗaya zai faɗa daidai.

Zan faɗa muku gaskiya game da girman abin. A kan takarda 20, bambancin ya tsaya ne a kan jika 12 da rabi ta wannan ɓangare ko jika bakwai ta wancan, cikin kuɗi sama da miliyan 18. Kuɗi ne, kuma na jama'a ne, ya kamata a kula da shi. Amma ladan da banki zai karɓa na iya shanye shi duka. Mu ce, a matsayin misali, bankin zai karɓi jika biyu a kan kowace takarda na shigar muku da tayi da riƙe muku ita. Abin da kuka kashe ya koma 931,222, riba ta sauko zuwa 68,778, kason ku na kwana 365 ya faɗo daga 7.64 zuwa 7.41. Jika biyu kacal ta ci fiye da ninki biyu na abin da bambancin 360 da 365 ke bayarwa. Haka batun haraji: ku tambayi abin da za a cire daga ruwan ajiyar da abin da za a cire daga ribar bon, ku sa kowanne cikin lissafi kafin ku raba. Ni a wurina ba a gama kwatanci ba sai an sami lambobi uku a kowane ɓangare: nawa ya fita daga asusu da duk wani caji, nawa zai shigo bayan duk wani cirewa, da kwana nawa tsakaninsu.

Wannan na ukun, ƙidayar kwanaki, ya fi yadda ake zato wahala, kuma ina so in ɗan daɗe a kansa.

Ba daga ranar gwanjo ake fara ƙirga ba. Ana farawa daga ranar da kuɗi ya fita, wadda sanarwa ke kira "date de valeur". A ƙarshe kuma, sanarwar tana cewa ana biyan takardun a ranar aiki ta farko da ke bin ranar cikar wa'adi. Saboda haka za ku iya ganin takarda mai kwana 364 da ta fara ranar Juma'a 14 ga Maris 2025, an rubuta wa'adinta Alhamis 12 ga Maris 2026. Idan ɗanku ya sa ranakun biyu a kwamfuta ya cire ɗaya daga ɗaya, 363 zai samu, ya yi ta mamakin ina kwana ɗaya ta shige. Ba ta ɓata ba. Kuɗin zai shigo Juma'a 13 ga wata, kuma daga Juma'a zuwa Juma'a mako 52 ne, kwana 364. Wurin fitar da farashi ku yi amfani da kwanakin da sanarwa ta faɗa. Wurin auna ribarku ku ƙirga daga ranar da aka cire kuɗi daga asusunku zuwa ranar da kuke iya taɓa shi.

A takardar shekara ɗaya, kuskuren kwana ɗaya bai wuce 0.02 ba. A gajeruwar takarda ne yake ciwo. Ɗauki ta kwana 91 a kan kashi 7 ɗin dai. Farashinta sefa 982,306, riba 17,694, kasonta na kwana 365 kuma 7.23. Wanda ya ce ai wata uku ne, ya sa 90 a maimakon 91, zai sami 7.31, ya ƙara wa kansa abin da babu shi. Idan kuma ranar biya ta faɗa cikin hutun salla, ko bankin ya riƙe kuɗin, har ya zama kwana 94 kafin ya shigo hannu, ribar nan ta 17,694 ba ta ƙaru da ko tamma ba, amma kason ya sauko zuwa 6.99. Kwana uku sun ci abin da ya kusa kwatar kaso ɗaya.

Ku kuma lura da wani abu a nan: kashi 7 na rangwame a kwana 91 ya ba da 7.23, a kwana 182 yana ba da 7.36, a kwana 364 ya ba da 7.64. Duk wanda ya ga sakamakon gwanjo ya nuna kason rangwame ɗaya a wa'adi uku ya ce kasuwa tana biyan su daidai, bai karanta da kyau ba. Doguwar ta fi biya, ko da yake wani ɓangare na wannan fifiko yana raguwa idan aka tuna cewa mai gajeruwar takarda yana karɓar kuɗinsa da wuri ya sake zuba shi da ribarsa. Idan aka ɗauka ya sake sayen irinta a kan farashi ɗaya har shekara ta zagayo, 7.23 ɗinsa tana zama 7.42. Lissafin ke nan:

```
ra = (F / P)^(365 / t) − 1
```

Wannan zato ne kawai, domin babu wanda ya ba shi tabbacin gwanjon wata uku masu zuwa zai fita a kan kashi 7.

Kwanakin nan ba lissafin takarda kaɗai ba ne a ƙasar nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin da ƙungiyoyin yankin suka sa ya rufe wa Nijar hanyar biyan bashinta a wannan kasuwa, takardun da wa'adinsu ya cika suka zauna ba a biya ba har bayan da aka ɗage takunkumin a Fabrairu 2024. Duk kason da muka lissafa a sama ya ginu ne a kan cewa miliyan ɗin za ta zo a ranarta. Da takardarku za ta makara da kwana 60 ba tare da an ƙara muku komai ba, 7.64 za ta koma 6.56. Ajiyar banki ita ma tana da nata haɗarin, na bankin kansa. Wannan ya fi 628 da 351 nauyi, kuma shawara ce ta ƙungiya gaba ɗaya, ba ta ma'aji shi kaɗai ba.

Akwai alƙalami na huɗu da ɗanku zai iya cin karo da shi idan ya bi littattafan da aka rubuta don kasuwar Amurka, gara in gaya muku shi tun yanzu. Baitulmalin Amurka ita ma tana faɗin rangwamen takardunta a kan kwana 360, sannan ta buga kaso na biyu kusa da shi a kan kwana 365, ko 366 idan shekarar da ke bin ranar fitar da takardar ta ƙunshi 29 ga Fabrairu. Ga takardar da ba ta wuce rabin shekara ba, lissafinsu shi ne r365 da na nuna a sama. Amma ga wadda ta wuce rabin shekara suna canza hanya, domin takardunsu masu dogon zango suna biyan ruwa sau biyu a shekara, kowane wata shida. Mai irin waccan takarda yana karɓar rabin ruwansa a tsakiyar shekara ya sake juya shi, mai bon kuwa sai ƙarshe. Don a daidaita su sai a nemo i a cikin wannan:

```
P × (1 + i/2) × (1 + (t/365 − 1/2) × i) = F
```

Idan aka sa lambobinku, i tana fitowa 7.50. Ta gaza 7.64, ta ma gaza 7.53 na banki. Ma'anarta ita ce takardar da ke biyan kashi 3.75 kowane wata shida za ta kai ka inda bon ɗin nan zai kai ka. Lissafi ne mai kyau a wurinsa, amma ba namu ba ne. Takardun dogon zango na kasuwarmu, waɗanda ake rubutawa OAT, masu jika goma a fuska, a gwanjon da aka saba sau ɗaya suke biyan ruwa a shekara. Don haka abin da ya yi daidai da su a nan shi ne lissafin shekara-shekara, wato ra, wanda a takardar kwana 364 yake ba da 7.64, kusan daidai da r365 tunda kwana ɗaya ce ta raba ta da shekara. Wanda ya ɗauko 7.50 ya auna da OAT ya rage wa bon 0.14 ba gaira ba dalili.

Ita ma OAT tana da nata alƙalamin da ke ruɗa mutane, sai dai ta wata fuskar. Mu ce an fitar da ta shekara uku mai ruwa 6.25, aka sayar da ita 9,500 a maimakon 10,000. Mutum zai ga 6.25 ya ce ai bon mai kashi 7 ya fi ta. Amma idan aka haɗa ruwan shekara uku da ɗari biyar ɗin da za a cika masa a ƙarshe, aka auna da 9,500 da ya biya, ribarta ta shekara tana kusan 8.20. Abin da za a jera ke nan: 8.20 da 7.64, sannan a yi tunanin ko ƙarin rabin kaso ya isa a ɗaure kuɗi shekara uku.

Tunda harkarku tana bi ta Ƙwanni zuwa Sakkwato, wataƙila wani zai kawo muku labarin takardun baitulmalin Najeriya. Su ma rangwame ne, kwana 91, 182 da 364, amma a kan shekarar kalanda suke rabawa, ba 360 ba. Kashi 7 a tsarinsu zai cire 69,808 daga miliyan a kwana 364, a namu 70,778, bambancin 970. Saboda haka gajeruwar hanyar da na ba ku mai 365 a sama da 360 a ƙasa ba ta aiki a can. Tasu ita ce d a raba da (1 − d × t / 365). Kuma idan ruwa ya yi sama, tazarar da ke tsakanin rangwame da riba takan buɗe sosai: rangwamen kashi 18 a kwana 364 riba ce ta 21.94. Amma wannan da naira ne, kuma abin da canji zai yi wa kuɗin cikin shekara ya fi duk wannan lissafi girma.

Game da kwamfuta, idan ɗanku yana aiki da Excel na Faransanci zai ga RENDEMENT.BON.TRESOR, wanda a na Ingilishi yake TBILLYIELD. Sunansa yana sa a zaci shi ne amsar ƙarshe, alhali a kan kwana 360 yake lissafi, 7.53 zai ba shi. Kuma yana ƙirga kwanaki ne ta cire rana daga rana, don haka idan aka ba shi ranar Alhamis ɗin nan ta wa'adi zai yi aiki da 363. Na fi son mutum ya rubuta lissafin da hannunsa, ya sa kason rangwame a A1 kamar haka 0.07, kwanaki a A2:

```
=1000000*(1-A1*A2/360)
=365*A1/(360-A1*A2)
```

Saura abu ɗaya da ya shafi ranar gwanjon kanta. Kashi 7 ɗin da banki ya faɗa muku, ku tambaya ko shi ne kason da za su shigar a madadinku, ko kuwa matsakaicin gwanjon da ya wuce ne. A kasuwarmu kowane mai tayi da aka karɓa ana ba shi ne a kan kason da shi ya nema, ba kamar Amurka ba inda kowa ke samun kaso ɗaya. Baitulmali tana fara ɗaukar masu neman ƙaramin ruwa, tana hawa har ta cika abin da take so. Inda ta tsaya shi ne "taux marginal" a takardar sakamako, matsakaicin waɗanda aka karɓa kuma shi ne "taux moyen pondéré". Duka biyun kason rangwame ne. Layin da aka rubuta "rendement moyen pondéré" shi ne aka riga aka juya zuwa riba, kuma da lissafin r360 da r365 da na nuna a sama za ku iya gwada wane tushen kwanaki ya fitar da shi. Wanda ya nemi sama da inda aka tsaya ba ya samun komai, kuɗinsa ya dawo ya zauna har wani gwanjon.

Don haka idan ƙungiya ta riga ta san ribar da ba za ta sauka ƙasa da ita ba, sai a juya lissafin baya a samo kason da za a ce banki ya shigar:

```
d = 360 × r365 / (365 + r365 × t)
```

Idan kuna son kashi 8 na gaskiya a kwana 364, kason rangwamen da za ku nema 7.3074 ne, ana rubuta shi da lambobi huɗu bayan ɗigo kamar yadda ƙa'idar gwanjo ta tanada. Wanda bai san wannan ba zai ce a rubuta masa 8, wanda a zahiri riba ce ta 8.82, kuma yana iya faɗawa bayan layi a ƙi tayinsa alhali 7.31 ta ishe shi. Ku kuma, tunda kuna da tayin ajiya a hannu, kuna da ma'aunin da za ku fara da shi. Idan 7.60 ɗin na kwana 365 ne, duk rangwamen da ya haura 6.97 ya riga ya fi shi. Idan na kwana 360 ne, daidai yake da 7.71 a kan kwana 365, kuma sai rangwamen ya kai 7.06 kafin bon ya kamo shi, ban da ladan banki, wanda jika biyu a kan kowace takarda za ta ɗaga wannan iyaka da kimanin 0.20.